Me Ya Sa Wutsiyar Igiyar LED Ke Dusashewa?

Wanda ya zaga shagunan wayar hannu a Farm Centre ta Kano, ko shagunan teloli da na turare a kowane babban gari, ya saba ganin siririyar igiyar fitilar nan ta LED manne a gefen kanta ko a kusurwar silin. Ya kuma saba ganin aibinta: farkon igiyar na haske fes, tsakiyarta ta ɗan rage, ƙarshenta kuwa ya yi dishi-dishi. Mai shago yakan ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa igiyar lafiyarta ƙalau, wutar ce take ƙarewa a hanya. Kuma abu ne da ake iya lissafawa a takarda tun kafin a sayi ko da taku ɗaya na waya.

Igiyar LED ba ta shan wutar soket kai tsaye. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar 220, kuma tana kai-komo ne. Igiyar kuwa ƙaramar wuta take so, mai tafiya ta hanya ɗaya irin ta batir, yawanci bolt 12 ko 24. Aikin adafta ke nan, ko dai ƙarama mai kama da cajar kwamfuta, ko akwatin ƙarfe mai huji-huji. Dokar farko ita ce lambar da ke jikin igiya ta zo daidai da ta jikin adafta. Igiya mai 12V da aka ba 24V za ta yi zafi ta ƙone, mai 24V da aka ba 12V kuwa da ƙyar za ta kama, in ma ta kama. Akwai wata igiyar dabam mai kaurin roba da ake sakawa a soket kai tsaye. Ita haɗarinta na wutar gida ne, ba ita ake magana a kai ba.

Sai batun ƙafafu. Ƙwan LED ta hanya ɗaya kaɗai yake barin wuta ta bi, don haka a igiya mai launi ɗaya, a kowane wurin yanka za ka ga ɗigon jan ƙarfe biyu, ɗaya da alamar + ɗaya da alamar −. A al'ada jar waya ce ke zuwa +, baƙa kuma −. A jikin akwatin ƙarfe, V+ da V− su ne na igiya, L da N da alamar ƙasa kuma na wutar gida ne, kuma wannan ɓangaren aikin mai gyaran lantarki ne, bayan an kashe wuta. Idan aka juya ƙafafun a igiya mai launi ɗaya, ba ta kamawa ne kawai, kuma galibi da an gyara sai ta tashi. Amma na'urar rage haske, ko ta sauya launi mai rimot, ko igiyar da hasken ke gudu a jikinta, juyi ɗaya na iya kashe su har abada.

Kada launin waya ya zama hujja, musamman inda aka yi ƙari. A sa maltimita a kan DCV, a zangon da ya haura wutar da ake aunawa, a ɗora jan tsinke a wayar da ake zaton ita ce +, baƙin a ɗayar. In lamba ta fito ita kaɗai, zato ya yi daidai. In ta fito da alamar − a gabanta, wayoyin a juye suke. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne kusurwa, inda aka yanka igiya aka juya guntun aka haɗa. Alamarsa a fili take: duk igiyar na ci, sai daga daidai mahaɗar zuwa gaba duhu.

Yanzu ga lissafin. A ce mai shagon yadi yana son haska kanta mai tsawon mita 10, ya sayo nadi biyu na mita biyar-biyar na igiyar da aka fi sani, mai lamba 5050, mai ƙwai 60 a kowace mita, 12V. Irin wannan ana rubuta mata wat 14.4 a mita. Mita 10 ke nan wat 144, in aka raba da bolt 12 kuma amfiya 12. Ba a son adafta ta yi aiki a ƙarshen ƙarfinta, ana barin mata sararin kashi 20 cikin ɗari. Wat 144 a raba da 0.8 ya ba da 180, saboda haka mai wat 200 ce ta dace. Yawan ƙarfin adafta ba ya ƙona igiya, domin igiyar abin da take buƙata kaɗai take ja. Ƙarancinsa ne ke sa adafta zafi, ko ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, fitila na ƙyafta ido.

Ko da adafta ta isa, waya na cin nata rabon. Kamar ruwan rani ne a doguwar kwata: gonar bakin famfo ta ƙoshi, ta ƙarshe sai abin da ya rage. Kowace waya tana da turjiya, kuma turjiyar na ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri. Ga jan ƙarfe zalla ga yadda ake lissafin bolt ɗin da zai salwanta:

```
V = 2 × L × I × 0.0175 ÷ A
```

L shi ne nisa a mita, I amfiya, A kaurin waya a mm². An ninka da 2 ne saboda wutar na zuwa ta waya ɗaya ta dawo ta ɗayar. Iyakar da masu aikin ke bi ita ce kada asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 0.6 a tsarin 12V. Mai son aiki tsaf yakan tsaya a kashi 3, bolt 0.36.

A shagon namu adafta na nesa da kantar da mita 4. In aka ɗauki siririyar waya mai 0.75 mm² aka ɗora mata amfiya 12 duka, asarar ta kai bolt 2.2. Igiyar za ta fara ne da bolt 9.8, wayar kuma za ta yi zafin da bai kamata a bari a bayan katako da yadi ba. In aka ja wa kowane nadi tasa wayar daga adafta, kowace amfiya 6 za ta ɗauka. Da waya mai 1.5 mm² asarar ta sauko bolt 0.56, ta shiga iyaka da ƙyar. Da mai 2.5 mm² ta koma 0.34, ƙasa da kashi 3. Haka nan in aka matso da adaftar zuwa mita 2, asarar ta ragu da rabi ba tare da an sauya waya ba.

Mutum zai ce bolt ɗaya cikin goma sha biyu ai ba wani abu ba ne. A igiyar LED babban abu ne, kuma dalilin na jikinta. A igiya mai 12V ƙwai uku-uku aka jera tare da 'yar rizista, shi ya sa ake yanka ta bayan kowace santimita 5. Kowane farin ƙwai na riƙe kusan bolt 3, ukun sun cinye wajen 9. Ragowar bolt 3 ɗin nan da ke kan rizista su ke ƙayyade yawan wutar da ke ratsa ƙwan. In bolt ɗaya ya salwanta a hanya, daga cikin ukun nan aka cire shi, sai wutar ƙwan ta ragu da abin da ya doshi kashi ɗaya cikin uku. A igiya mai launuka abin ya fi fitowa, domin shuɗi da kore sun fi ja buƙatar bolt, su ke fara dusashewa, sai farin da aka saita ya koma ja-ja a wutsiya.

Ita ma igiyar kanta waya ce, kuma siririya ƙwarai: shimfiɗar jan ƙarfe ce mai kaurin takarda. In aka jona nadi na biyu a wutsiyar na farko, duk wutar mita 10 sai ta ratsa ta santimitocin farko. Kan igiyar zai yi zafi, wutsiya ta yi duhu. Don haka igiya mai 12V ba a wuce mita 5 da ita daga wurin da aka ba ta wuta, mai 24V kuma yawanci mita 10. A kantar nan mafita mafi sauƙi ita ce a kawo wutar tsakiya, nadi ɗaya ya yi dama, ɗaya hagu. In har yanzu ido na ganin bambanci, a ja wata waya daga adaftar nan ɗaya zuwa wutsiya, + ga +, − ga −. Abin da ba a yi shi ne haɗa + na adafta biyu dabam-dabam a igiya ɗaya. In za a yi amfani da biyu, a raba igiyar kowace ta riƙe nata ɓangaren.

Da mai shagon ya sayi igiya mai 24V mai hasken daidai da wannan, kowane nadi amfiya 3 zai ja. A waya mai 1.5 mm² asarar bolt 0.28 ce cikin 24, kashi 1.2 kacal. Ninka bolt sau biyu na rage kason asara sau huɗu. Shi ya sa nake ganin duk aikin da ya wuce mita 5, ko wanda adaftarsa ke nesa, da 24V ya kamata a fara shi.

Abu biyu na ɓata wannan lissafi a kasuwanninmu. Na farko wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe zalla da fiye da rabi, don haka bolt 0.56 ɗin nan zai koma wajen 0.9. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma in aka kankare sili ɗaya da reza cikinsa fari ne. Na biyu batirin sola. Batir mai suna 12V yakan kai bolt 14.4 lokacin caji, ragowar da ke kan rizista ya tashi daga 3 zuwa sama da 5. Hasken zai burge, amma ƙwan na gasuwa ne, kuma kwanansu zai gajarce. A nan ana buƙatar na'urar da ke tsayar da wuta a 12V, da fis kusa da kan batirin, domin batir na iya narka waya in ta haɗu.

Idan aiki ya riga ya lalace, awo uku ke nuna mai laifi, kuma a yi su fitila na kunne, igiya a warware, ba a naɗe ba. A auna a bakin adafta: in ta gaza bolt 12 sosai, ta yi ƙarami ko ta gaji. In ta ba da 12 amma kan igiya ya nuna ƙasa da 11.4, wayar ce siririya, ko doguwa, ko wata mahaɗa ta saki. Mahaɗar da ta saki ɗumi take yi in an taɓa. In kan igiya lafiya amma wutsiya ta faɗi wajen 10, tsawon ya yi yawa, sai a raba ko a ba ta wuta ta ɓangare biyu. Wasu kan murɗa ɗan sukurun V ADJ da ke jikin akwatin su ƙara wuta don wutsiya ta farfaɗo. Wannan kan igiyar yake gasawa, asarar kuwa tana nan yadda take. Gyaran gaskiya shi ne waya mai kauri, tazara gajera, da nadi kowane da wayarsa.