Tambayar da ke buɗe baki

A ce ka kafa kyamara gaban dattijon marini a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ka ce, "Baba, kana son sana'ar nan?" Zai ce e, ya yi shiru. Laifin tambayar ne, domin amsarta na cikinta.

Gara ka rubuta: "Baba, ba ni labarin ranar da ka fara tsoma zane cikin baba. Wa ke kusa da kai?" Tambaya irin wannan tana mayar da mutum ga rana guda da wuri guda, daga nan labari ke ɓullowa. Kada ka haɗa tambayoyi da yawa a numfashi ɗaya, ta ƙarshe kaɗai zai amsa. In ya tsaya, kada ka yi gaggawar cike shirun. Ka jira, sannan ka ce, "Sai me ya faru?"