Sun Daina Karɓar Saƙonka, Amma Kana Biyan Kuɗinsu

Manhajojin aika talla ta imel suna auna ɗan kasuwa da ma'auni biyu: yawan adireshin da ya ajiye, da yawan saƙonnin da zai tura a wata. Na biyun ba shi da wuyar ganewa. Saƙo ɗaya da ya je wa mutum 2,000, saƙo 2,000 ne a lissafi. A Mailchimp, tsarin Essentials yana ba ka damar tura ninki 10 na adadin adireshin da ka biya, tsarin Standard kuma ninki 12.

Na farkon ne ke cin kuɗin mutane ba su ankara ba. Tun 2019 Mailchimp yake ƙirga har da waɗanda suka janye sunansu, da waɗanda suka yi sayayya kawai ba su taɓa amincewa da karɓar talla ba.

A ce mai sayar da atamfa ta biya kuɗin adireshi 2,500 a Essentials, wato saƙo 25,000 a wata. Masu karɓar tallarta 2,100 ne, kuma sau takwas take turawa a wata, jimilla 16,800, ba ta ma kusanci iyaka ba. Sai ga ƙarin caji a takardar biya. Da za ta buɗe shafin Audience, za ta tarar da mutum 450 masu alamar Unsubscribed da wasu 100 masu alamar Non-subscribed. A idon manhajar adireshinta 2,650 ne, ta zarce da 150.

Me ya sa ba a share su kai tsaye? Dole ne a tuna da wanda ya ce a ƙyale shi, don kada a sake tura masa talla bisa kuskure. Dokar CAN-SPAM ta Amurka, ta 2003, ta wajabta mutunta wannan buƙata cikin kwanakin aiki 10. Kamfanin kuma yana ganin har yanzu suna da amfani a gare ka, tunda tarihin cinikinsu na nan kuma ana iya aika musu rasit. A ganina hujjar ajiye sunan tana da ƙarfi, amma cajin ƙaramar 'yar kasuwa cikakken kuɗi a kansa bai dace ba. MailerLite, alal misali, masu karɓa kaɗai yake ƙirgawa.

Mafita ita ce ta tace masu alamar Unsubscribed, ta zaɓe su duka, ta danna Archive. Bayanansu ba za su ɓace ba, amma sun fita daga lissafi, adadinta ya koma 2,200. Wannan ya fi gogewa ta dindindin, wadda ke tafiya da bayanan mutum gaba ɗaya. Ta kuma duba ko ta raba mutanenta gida biyu, domin adireshi ɗaya da ke cikin Audience biyu sau biyu ake ƙirga shi.