Tambayar da Ta Yaudari Gwanayen Aji

Malamar lissafi ta gama makin jarrabawar ɗalibai 40, sai ta ware takardu goma na sama da goma na ƙasa.

Tambaya ta 7, ɗalibai 16 suka ci. An raba 16 da 40, ma'aunin wahala 0.4 ke nan, ba laifi. Amma cikin na sama uku kaɗai suka ci, na ƙasa kuwa shida. Cire shida daga uku, raba da goma: ma'aunin bambancewa −0.3. Raunana sun fi gwanaye, abin da kamar wuya.

Takardar da ta aika wa shugaban sashe gajera ce: "Tambaya ta 7, kuskuren yana takardar amsoshinmu. A sake maki."