"Ai Bai Taɓa Ta Ba"

Na gaji da jin wannan magana a Baleyara. Yarinya ta dawo hutu daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ta gaya wa gwaggonta cewa wani malami ya riƙe mata maki sai ta same shi a ɗakinsa, amsar da za ta samu ita ce: "To, ya taɓa ki? In bai taɓa ki ba, rufa wa kanki asiri." Haka ake ce wa mai aiki a ofis idan maigidan aiki ya matsa mata.

Wa ya ce sai an kai hannu laifi yake tabbata? Tun 2003 kundin hukunta laifuka na Nijar, a ayarsa ta 281-1, ya ambaci umurni da barazana da tilastawa don neman lalata, bai ce sai an taɓa jiki ba. Ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100, wanda kuma ya fake da muƙaminsa, ɗaurinsa na iya kusan kai shekara. Dokar ƙwadago ta 2012 ita ma ta haramta wannan a wurin aiki. Saboda haka "in ba ki zo ba, ba za ki ci jarrabawa ba" ita kanta laifi ce. Masu cewa a jira sai ya taɓa, me suke so a jira? Sai ɓarna ta auku sannan su ce ita ta kai kanta?

Matsalar ita ce shaida, kuma yawanci a waya take. Ƙanwata, kada fushi ya sa ki goge saƙonninsa. Ki ɗauki hotonsu nan take, domin a WhatsApp yana iya share abin da ya aiko. Ki tabbata lambarsa da kwanan wata sun fito a hoton, don sunan da kika sa masa a wayarki ba ya nuna shi ne. Saƙon murya kuwa, ki tura wa wanda kika amince da shi, ko da waya ta ɓace. Abin da ya faɗa baki da baki, ki rubuta a ranar: wuri, lokaci, kalamansa yadda ya furta su, da wanda ya gan ki kina fitowa. Ki adana takardun makinki na baya, su za su nuna lokacin da abin ya sauya.

Kada ki watsa hotunan a zauren ɗalibai, sai ya riga ki kai ƙarar ɓata suna. Ki rubuta koke zuwa ga shugaban tsangaya, ko sufeton ƙwadago in ma'aikaciya ce ke, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In an yi shiru, akwai jandarmomi da mai gabatar da ƙara. Ki tafi da babba daga gida, kuma in ya kira ki "sulhu", kada ki je ke kaɗai.