Gwada kitso, ɗauri ko hula a hoto kafin a taɓa kai

Manhajojin gwada kwalliyar kai suna aiki da hotuna biyu. Na farko hoton mutum ne da ya ɗauki kansa da waya, na biyu kuma hoton samfurin da yake sha'awa, ko kitso ne, ko aski, ko ɗaurin ɗankwali, ko hula. Manhajar kan fitar da hoto na uku, fuskar mai wayar ɗauke da abin da ke kan mai samfurin. Nuna samfuri ba baƙon abu ba ne a unguwar Kawo, domin an daɗe ana miƙa wa mai kitso waya a ce "irin wannan nake so", kuma shagunan aski cike suke da fastocin samfuri a bango. Abin da ya ƙaru shi ne mutum ya ga samfurin a kansa tun bai zauna ba.

Aikin yana tafiya mataki uku. Da farko manhajar tana rarrabe hoton, ta gane iyakar fuska da gashi da kunne da wuya da bangon baya, sannan ta shata wurin da za a sauya. Daga nan ta ɗebo siffofin samfurin: tsari, launi, tudu da yadda yake sheƙi. A ƙarshe ta zana sabon abu a wurin da ta shata. Wannan mataki na uku shi ne ya kamata a fahimta da kyau, domin manhajar ba yanko hular wani take yi ta manna ba. Sabon zane take yi bisa hasashe, daga abin da ta koya a tarin hotunan da aka horar da ita da su. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin farko, mai suna Barbershop, masu bincike na jami'ar KAUST ta Saudiyya ne suka jagoranci fitar da ita a 2021, kuma ta dogara da tarin hotunan fuska 70,000 da kamfanin NVIDIA ya tattara daga shafin Flickr. A cikin irin wannan tari, shuku da zanna bukar ba su da yawa. Manyan manhajojin yanzu, irin su Gemini na Google da ChatGPT, suna karɓar hotuna biyu tare da umarni a rubuce, sun kuma fi na da ƙwarewa, amma har yanzu hasashen suke yi.

Rabin nasarar tana ga hoton farko. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan inci 12 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali daga nisan ƙafa 5 fuska kan fito daidai. Hoton kusa yana kumbura tsakiyar fuska ya tsuke gefenta, don haka ɗauri kan fito ƙarami ko babba fiye da yadda zai kasance a zahiri. Ya fi kyau a jingina wayar a nesa, daidai tsayin ido, ko wani ya ɗauka. A tsaya a inuwa ana fuskantar haske, kamar bakin ƙofa da hantsi, a kashe duk wata matatar da ke goge fuska, a kuma bar fili a saman kai, tunda gwaggwaro yana bukatar wurin tashi. Hoton samfurin shi ma ya fuskanci inda na farko ya fuskanta. Idan mai samfurin ta juya gefe, mai wayar kuma tana kallon gaba, manhajar za ta ƙirƙiro abin da ba ta gani ba.

A ɗauki misalin wata mata a Hayin Banki da ke shirin bikin ƙanwarta. Tana son shuku mai ƙananan tsaga, ta kuma samo hotonsa. Ta ɗauki hotonta da gashi a taje an tufke shi baya, goshi da kunnuwa a buɗe. Sai ta rubuta umarni cewa a sanya kitson hoto na biyu a kan matar hoto na farko, kada a sauya fuska, ko launin fata, ko iyakar gashin goshi, ko tufafi. Jumlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin in ba a hana ba, manhajar kan yi shisshigi.

Da sakamakon ya fito, ana ajiye shi kusa da hoton asali a duba fuskar tukuna, kafin kitson. Sau da yawa za a tarar fata ta yi haske, hanci ya sirance, ko zanen gado da tabon fuska sun ɓace. Mutum ya ɗauka kitson ne ya yi masa kyau, ashe fuskar aka gyara. Bayan haka a duba iyakar goshi. Idan gashin gaban matar ya ci baya saboda yawan kitso mai tsauri, manhajar kan cike wurin da gashin da babu shi, ta sauko da kitson har inda mai kitso ba za ta sami abin kamawa ba. Sai kuma a faɗaɗa hoton a bi tsaga ɗaya da ido daga goshi zuwa tsakar kai. A kitson gaske kowace tsaga tana da mafari da makoma. A zanen manhaja ana ganin biyu sun narke sun zama ɗaya, ko wata ta ɓace a hanya. A maimaita umarnin sau uku. Abin da ya tsaya iri ɗaya a duka ukun, kamar yadda tudun shuku ke ƙara wa fuska tsawo, shi ne abin dogaro. Abin da ke sauyawa kowane karo, kamar yawan tsaga, ƙirƙira ce.

Akwai abin da hoto ɗaya ba zai taɓa faɗa ba. Ba ya nuna ƙeya, kuma rabin kyan shuku yana can. Ba ya sanin tsawon gashi ko cikarsa, balle ko samfurin da gashin doki aka yi shi. Wannan hukunci na mai kitso ne bayan ta sa hannu a kai, don haka abin da ya dace a kai mata shi ne hoton samfurin na asali, ba wanda manhaja ta zana ba.

A wajen hula da ɗauri matsalar ta ɗan bambanta. Manhajar tana iya nuna ko doguwar hula ta dace da zagayayyiyar fuska, ko launin ya shiga da shadda, amma ɗinkin zanna bukar kan fito a hargitse, zanen da ya kamata ya maimaitu daidai sai ya karkace. Ba ta san lambar kai ba. Wanda zai sayi hula a kasuwar Talata ta Kawo sai ya auna zagayen kansa da tef, a saman kunne, ya san ko 22 yake sawa ko 23. Kyamarar gaba kuma takan juya hoto kamar madubi, sai karin hula na dama ya koma hagu. Ɗaurin ɗankwali kuwa ya dogara da taurin yadi: tudun da ashoke ke riƙewa atamfa mai laushi ba za ta riƙe ba, amma manhajar za ta zana su duka a tsaye ƙyam. Rawani ya fi ba ta wahala, takan mayar da shi naɗin Indiya ko na Larabawa, ta zubar da amawali.

Saura batun inda hoton ke zuwa. Yawancin manhajojin ba a cikin wayar suke aikin ba, suna tura hoton ne zuwa kwamfutocin kamfani a ƙasashen waje. Ga macen da ba ta fita kai a buɗe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwajin ɗauri ko hijabi ba ya bukatar buɗe gashi, siririyar hular ciki ta isa ta nuna surar kai. Gwajin kitso ne kaɗai ke bukata. Dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa, sai dai bin kamfanin da ba shi da ofis a ƙasar nan abu ne mai wuya. Hoton samfurin ma na wata ne, musamman idan daga hotunan biki aka ciro shi, kuma ana iya rufe fuskarta kafin a tura, tunda kitson kawai manhajar ke bukata.