Fassara Sunayen Kaya a Jadawali Ba Tare da Layi Ya Goce Ba

A jadawalin kaya na Excel ko Google Sheets, sunan kowane kaya yana zaune ne a layi ɗaya da lambarsa da farashinsa. Zaman layin shi kaɗai ne ya ɗaure su wuri guda. Saboda haka abin tsoro a wannan fassara shi ne suna ya goce daga layinsa ya ɗauki farashin maƙwabcinsa, domin kuskuren kalma ido yana kama shi, gocewar layi kuwa shiru take yi.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan masarufi da sari wanda ke da kaya iri 240. Layin farko na kanun bayanai ne, kayan kuma sun fara daga layi na 2 zuwa na 241. Layin tsaye na A yana ɗauke da lambar kaya, B sunan Turanci, C farashi. Kafin a taɓa komai, ana ajiye kwafin fayil ɗin a gefe. Daga nan sai a jera lambobi daga 1 zuwa 240 a D, a ware E domin Hausa. Ba a rubuta fassara a kan B, domin asalin shi ne shaida idan gardama ta taso. Lambobin D kuwa su ne za su mayar da jerin yadda yake idan wani ya hargitsa shi.

Ƙa'idar aikin ita ce gida ɗaya na asali, gida ɗaya na fassara. Inda B ya ce "Groundnut oil 5L", E zai ce "Man gyaɗa 5L". Awo da adadi suna nan yadda suke, haka ma sunan kamfani. Akwai tarko a nan: a kasuwa kowane dunƙulen ɗanɗano magi ake ce masa, kowane garin sabulu omo. Idan aka sa waɗannan a jadawali, kayan wani kamfani zai fito da sunan wani. Sunan da ya maimaitu kuma, fassara iri ɗaya ake ba shi a ko'ina.

Gocewa takan faru ne idan aka kwashe sunayen zuwa wani wuri, aka fassara, aka dawo da su gaba ɗaya. A ce mai fassara ya tsallake sunan da ke layi na 58. Sunaye 239 za su dawo, kuma daga layi na 58 zuwa ƙasa kowane suna ya hau sama da mataki ɗaya, sai ga gishiri da farashin buhun shinkafa. Ana gano wannan da ƙirga gidajen da ke da rubutu:

```
=COUNTA(B2:B241)
=COUNTA(E2:E241)
```

Dole amsoshin biyu su zo ɗaya. Amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin idan an tsallake suna ɗaya, aka raba wani gida biyu, jimla za ta yi daidai alhali tsakiya a goce take. Shi ya sa ake tura kowane suna tare da lambarsa ta D, a kuma gwada lambobin bayan sun dawo. Haka nan ba a yin Sort a kan layin tsaye guda ɗaya. Jadawalin duka ake zaɓa.

Wajen liƙa fassarar, Paste Special tare da Values yana kawo rubutun kaɗai, ya bar launi da girman harafi na jadawalin yadda suke.

Rubutun Hausa yana da nasa matsalolin guda biyu. Na farko, Excel yana ɗaukar alamar ' a farkon gida a matsayin umarnin cewa abin da ke ciki rubutu ne, sai ya ɓoye ta. Wanda ya buga 'Ya'yan itace zai ga Ya'yan itace. Maganin shi ne a buga alamar sau biyu a farko, ko a yi amfani da ƴ kamar yadda ake rubutawa a Nijar. Na biyu, haruffan ƙ da ɗ da ɓ sukan koma alamar tambaya idan aka ajiye fayil a CSV na gama-gari, don haka CSV UTF-8 ake zaɓa. Ko shi ma ba ya riƙe launi ko faɗin gida, kuma idan aka buɗe shi kai tsaye, lamba irin 00417 tana iya komawa 417. Ajiyewa a .xlsx yana kare duka waɗannan, sai a fitar da CSV a ƙarshe kawai, idan wata manhajar ta buƙace shi.