Jan Nama a Cikin Leda: Tambayar da Ke Kayar da Ɗalibai a Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a Damri, ko a kasuwar Talata Mafara ranar Talata, ya ga launi uku a jikin nama ɗaya. Da wuƙa ta ratsa tsokar saniya, cikinta yakan fito da ja mai duhu, kusa da shunayya. Bayan kamar rabin sa'a a sarari sai ya washe ya koma ja jawur, irin wanda mai saye ke nunawa da yatsa. Idan aka yi yamma bai ƙare ba, gefunansa sun fara komawa ruwan ƙasa, mahauci kuma ya san lokaci ya yi da zai rage kuɗi ko ya tura shi wurin mai balangu.

Waɗannan launuka uku su ne tushen wata tambaya da ɗaliban kimiyyar abinci ke yawan cin karo da ita a darasin ƙunshe abinci, a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Bayero ta Kano. Akan ce wa ɗalibi ya zaɓi haɗin iska da irin ledar da za a rufe ɗanyen naman sa, ya kuma kawo dalili. Da yawa sukan haddace sunayen iskokin su zube su a takarda, amma maki yana wurin dalilin.

A cikin tsoka akwai wani furotin mai suna mayogulobin, wanda ke riƙe da ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsa. Idan babu oksijin a kusa, launinsa shunayya ne. Idan oksijin ta manne masa, sai ya zama ja mai haske. Idan kuwa ƙarfen ya sauya daga Fe²⁺ zuwa Fe³⁺, an samu metmayogulobin, mai ruwan ƙasa, kuma daga nan dawowa ja yana da wuya. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne, wannan sauyi ya fi sauri a inda oksijin take 'yar kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. Naman da ke cikin oksijin mai yawa yana daɗewa da jansa, wanda babu ita sam yana zaune da shunayyarsa, na tsakiyar ne ke saurin dusashewa. Shi ya sa mai ƙunshe nama yake da hanya biyu kawai: ya cika oksijin sosai, ko ya kore ta kwata-kwata.

Iskar da kowa ke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, naitirojin kashi 78, sai kabon-dayoksaid, wato CO₂, wajen kashi 0.04 kacal. A masana'anta, inji yakan zuƙe wannan iska daga farantin roba da aka sa nama a ciki, ya hura wata da aka haɗa, sannan ya liƙe murfin leda da zafi. Haɗin da aka fi yi wa jan nama shi ne oksijin kashi 70 zuwa 80, CO₂ kashi 20 zuwa 30. Oksijin tana kutsawa cikin tsoka ta yi kaurin ja a sama, wanda ke rufe ruwan ƙasan da ke tasowa daga ƙasa. Ita kuwa CO₂ aikinta rage gudun bakteriya, musamman dangin sudomonas da ke sa nama yauƙi da wari a firji, kuma tasirinta yana bayyana sosai ne daga wajen kashi 20 zuwa sama. Naman da aka naɗe da leda ta yau da kullum yakan yi kwana biyu zuwa huɗu a sanyi. Wannan haɗi yana kai shi mako ɗaya zuwa kwana goma.

Naitirojin ba ta kashe komai, ba ta kuma taɓa launi. Cika wuri take yi don kada murfi ya lotsa, domin ba ta narkewa sosai a ruwa da kitsen nama kamar yadda CO₂ ke yi.

Daga nan sai leda, inda kuskuren da ya fi yawa yake. Ɗalibi yakan rubuta cewa ledar da ke tare oksijin tana hana ta shiga ne, ya tsaya nan. Wannan gaskiya ne ga naman da aka zuƙe wa iska gaba ɗaya, irin manyan tsokokin da Birazil da Ostareliya ke fitarwa ta jirgin ruwa, waɗanda ke yin makonni a sanyin da ke kusa da digiri 0. Amma a farantin da aka cika da oksijin kashi 80, na ciki ya fi na waje, iska kuwa tana bin leda ne daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi kaɗan. Saboda haka a nan ledar tana hana oksijin da CO₂ fita ne.

Ana auna ƙarfin leda da yawan santimita-kubik na oksijin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya a sa'a 24, galibi a zafin digiri 23. Siririyar ledar foliyetilin mai kaurin maikuron 25, dangin wadda ake zuba tsire a ciki, tana barin wajen dubu bakwai zuwa takwas su wuce. Ledar PVC da kantuna ke naɗe faranti da ita ma tana barin dubbai, kuma da gangan ake zaɓarta don iskar waje ta shiga nama ya yi ja. Masu tarewa sosai su ne PVDC, wadda Ralph Wiley ya gano a kamfanin Dow a 1933, da EVOH, wadda kamfanin Kuraray na Japan ya fara sayarwa a 1972. Murfin da ke da EVOH a ciki yana iya saukar da lambar zuwa biyar ko ƙasa.

Ga irin lissafin da malami kan bayar. Faranti yana ɗauke da naman sa giram 500, da iska mililita 1,000 a samansa, wato kusan ninki biyu na girman naman, kamar yadda aka saba yi. Haɗin 80 da 20 ne, don haka akwai oksijin mililita 800 da CO₂ mililita 200. Murfin santimita 20 ne a tsawo da faɗi, wato murabba'in mita 0.04. Ana ɗauka cewa jikin farantin ba ya yoyo. Bambancin oksijin tsakanin ciki da waje shi ne 0.80 a cire 0.21, saura 0.59.

Idan murfin foliyetilin ne mai lamba 8,000, a ninka 8,000 da 0.04 da 0.59, za a samu kusan mililita 189 a rana ta farko. Idan mai EVOH ne mai lamba 5, amsar ita ce mililita 0.12 a rana, wato ɗaya da ɗoriya a kwana goma. Ɗalibin da ya manta ya cire 0.21 ɗin nan ya rasa maki, haka ma wanda bai faɗi cewa oksijin fita take yi ba. Wanda ya ƙara da cewa a sanyin firji lambobin za su ragu, kuma gudun fitar zai yi ta sauka yayin da bambancin ke raguwa, ya nuna ya fahimci abin.

Asarar CO₂ ta fi wannan muni, domin tana ratsa yawancin ledoji da sauri ninki uku zuwa biyar na oksijin. A ƙarƙashin foliyetilin, yawancin mililita 200 ɗin nan za su tafi cikin kwana ɗaya ko biyu. Naman zai ci gaba da ja, tun da oksijin ba ta ƙare ba, alhali abin da ke danne bakteriya ya gudu.

Ko da leda mai kyau, CO₂ tana raguwa ta wata hanyar. Kilo ɗaya na nama a sanyin digiri 0 yana iya shanye kusan lita ɗaya idan zallarta ce a kansa. A farantin misalin nan, naman zai sha wajen mililita 70, sai kason CO₂ ya sauko daga 20 zuwa kimanin 14, murfi kuma ya ɗan lotsa ciki. Ma'aikacin da ya soka allurar na'urar awon iska washegari ya ga 14 bai kamata ya ce an samu ɓula ba. Alamar ɓula ita ce oksijin ma ta faɗi tana neman 21, naitirojin kuma ta bayyana a farantin da ba a saka ta ba. Sau da yawa laifin yana wurin liƙi, inda ɗigon jini ko kitse ya hau bakin faranti ya hana leda kamawa. Kumburin murfi kuwa yana nuna bakteriya sun fara fitar da iska, galibi saboda sanyi ya yanke.

EVOH tana da rauninta. Idan ta sha danshi, ƙarfinta na tare oksijin yana faɗuwa, nama kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Don haka ba a barinta ita kaɗai. Ana saka ta a tsakiya, siririya ƙwarai, da foliyetilin ta ciki don tare danshi da kuma liƙi, da nailan ko foliyesta ta waje don ƙarfi, da manne a tsakaninsu. PVDC ba ta damu da danshi ba, sai dai sinadarin kulorin da ke cikinta yana wahalar da sake sarrafa ta da ƙona ta.

Yawan oksijin ma yana da farashi. Yana sa kitse saurin yin ƙauri da sauya ɗanɗano, yana kuma sa niƙaƙƙen nama ya yi launin dafaffe tun cikinsa bai nuna ba. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka koma ga haɗin da babu oksijin, da kabon-monoksaid, wato CO, kashi 0.4 kacal, wadda ke ba mayogulobin ja mai ɗorewa. Norwe ta yi amfani da ita daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa 2004, lokacin da ta daina don bin dokar Tarayyar Turai, Amurka kuwa ta amince da ita a farkon shekarun 2000. Masu adawa suna cewa jan yana iya wuce lafiyar naman, mai saye ya ga kyau alhali ya fara lalacewa.

Saura batun sanyi, wanda ya fi komai shafar garuruwan Zamfara irin su Bakura da Maradun. Duk lambobin kwanakin nan an gina su ne a kan digiri 0 zuwa 4 ba yankewa, daga mayanka har tukunya. CO₂ ta fi narkewa a nama idan da sanyi, kuma narkakkiyar ce ke aiki a kan bakteriya, don haka da zafi ya tashi ƙarfinta ya ragu. A watan Afrilu, zafin wannan yanki yakan kai digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Farantin da ya kwana a firjin da ya mutu bai fi naman tebur aminci ba, wanda aka zuƙe wa iska kuwa yana iya zama mafi haɗari, domin wasu ƙwayoyin da ke sa guba sun fi son inda babu oksijin, kuma ba lallai su yi wari ba.

Shi ya sa har yau dabbobin Zamfara da yawa ke tafiya kudu da ransu a cikin tireloli, naman da ake son ya daɗe kuma a mayar da shi kilishi, inda bushewa ke yin aikin da sanyi zai yi. Idan tambayar jarrabawa ta ce a tsara ƙunshin nama daga Talata Mafara zuwa kantin Abuja, cikakkiyar amsa za ta fara da ɗakin sanyi da mota mai firji da na'urar da ke rubuta zafi a hanya, sannan haɗin 80 da 20, sannan murfi mai EVOH a tsakiya, da gwajin liƙi da awon iska kafin kaya su bar masana'anta.